Wata goma sha huɗu ina korar mutanenmu da tsohon fayil

Har yau idan na tuna amsar da na ba wannan matar sai kunya ta kama ni. Ta rubuto cewa ta biya kuɗin wata, amma shafinmu na bidiyo yana ce mata ba a kallo daga ƙasarta. Na duba adireshin IP ɗinta, wato lambar da na'urarta ke fita intanet da ita, rumbun bayanan da ke haɗa adireshi da ƙasa ya nuna wata nahiya daban, sai na rubuta mata da gadara: «Hajiya, ki kashe VPN ɗinki.» VPN manhaja ce da ke sa mutum ya bayyana kamar daga wata ƙasa yake shigowa. Ta ce ba ta ma san mene ne shi ba. Ban yarda ba.

Lasisin bidiyoyin da muke nunawa ƙasashe uku kaɗai ya shafa, don haka na tsara sabarmu ta bar masu shigowa daga ukun nan, ta toshe sauran. Na sauke fayil ɗin da ke haɗa kowane rukunin adireshi da ƙasa, na gwada, ya yi aiki, na manta da shi. Mantawar nan ita ce ta cuce ni.

Abin da ban riƙe a kaina ba shi ne, babu sunan ƙasa a jikin adireshin IP. Hukumomin yanki biyar ne ke rabon adireshi, irin su AFRINIC da RIPE NCC da ARIN, kuma abin da suke rubutawa shi ne wanda aka ba rukunin da inda ya yi rajista. Inda yake amfani da shi kuwa, wannan sai a kintata. Masu haɗa rumbun suna tattara rajistar, da hanyoyin da ake sanar da rukunin a intanet, da gyaran da masu shi suka aiko, su fitar da hasashe. Hasashen nan kuma yana tsufa. Tun da ajiyar adireshin IPv4 ta IANA, cibiyar da ke raba wa hukumomin biyar ɗin adireshi, ta ƙare a Fabrairun 2011, adireshi ya zama haja: ana sayarwa, ana ba da haya, rukuni ya tashi daga wannan ƙasa ya koma wata.

Haka aka yi da kamfanin intanet ɗin matar. Ya karɓi hayar rukuni na /22, wato adireshi 1,024, daga wani kamfani na ƙetare. Kada adadin ya ruɗe ka, domin masu wayar hannu da yawa sukan fito intanet ta adireshi guda, saboda haka wanda na rufe wa ƙofa ya fi dubu nesa ba kusa ba.

Sai da ƙorafi na shida ya shigo na lura duk adireshinsu da lambobi iri ɗaya suka fara. Nan jikina ya yi sanyi. Na tambayi fayil ɗin kai tsaye (na canza adireshin a nan):

```
mmdblookup --file kasa.mmdb --ip 203.0.113.7 --verbose
whois 203.0.113.7
```

Layin `Build epoch` ya tona mini asiri: an gina fayil ɗin wata goma sha huɗu baya. Wata goma sha huɗu! Alhali masu shi suna fitar da sabo duk mako. Na sauke sabon, na sake tambaya, sai ga rukunin a ƙasarmu. Abin mamaki, `whois`, mai duba rajistar hukumomin, har lokacin tsohuwar ƙasar yake nunawa, domin haya ce, mai rukunin bai sauya ba. Shi ya sa rumbun ke da gurbi biyu, `country` da `registered_country`. Wanda ya toshe da na biyun, da sabon fayil ma zai kori mutanensa.

Ba na cewa sabunta fayil ya kashe matsalar. Mai bi ta intanet ɗin ofishinsu, wanda mafitarsa ke hedikwata a wata ƙasa, har yanzu baƙo ne a idon rumbun. Shi kuwa wanda aka yi shingen dominsa, da VPN yake tsallakewa cikin minti ɗaya. Wannan ne ke ƙona mini rai: mai wayo ya wuce, mai gaskiya ya tsaya a ƙofa.

Yanzu `geoipupdate`, mai sauke sabon fayil ɗin, na gudana da kansa sau biyu a mako, kuma idan fayil ya haura kwana goma saƙo yana faɗo mini a waya. Shafin toshewar yana nuna wa mutum adireshinsa da ƙasar da muka zata yake, tare da wurin kai kuka. Wanda ya riga ya biya da katin ƙasar da aka yarda da ita, ba na korarsa saboda IP kaɗai. Na kuma roƙi kamfanin intanet ɗin ya wallafa jerin rukunansa da ƙasashensu bisa tsarin RFC 8805, don sauran rumbuna su gyara.

Matar kuwa, na rubuta mata na ba ta haƙuri, na ƙara mata wata biyu kyauta. Ba ta amsa ba. Da na duba asusunta, ashe ta rufe shi tun mako uku da suka wuce.