Kafin ka ɗora tumatirinka a motar Abuja

Ƙannena da kuka shiga noman rani a gefen tafkunan kuza na Bukuru da Barkin Ladi, akwai lissafin da nake so ku riƙa yi kafin ku kira direba. Ni ban yi shi ba a farkon shigata harkar gwari, kuma kuɗina ne ya biya.

Direba da 'yan dako ba ruwansu da abin da ke cikin kwando. Kwandon da aka ɗora shi suke ƙirgawa. Mai saye kuwa wanda ya iso da lafiya kaɗai yake biya. To ribar mai tumatir tana tsakanin waɗannan ƙirga biyu, kuma da yawanmu farashin da muka ji a waya kawai muke riƙewa.

Ga yadda ta kasance da ni a wata ɗiba ta kwando 60. A kasuwar Farin Gada ta Jos an taya kwando naira 9,000. Sai aka bugo mini daga kasuwar Dei-Dei ta Abuja cewa a can 14,000 ne. Na buga 5,000 sau 60 a kaina, na ga 300,000, ban ƙara tunanin komai ba na nemi mota. Ku riƙe tsarin lissafin kawai, don farashin ya riga ya canza. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba, sai kun tambayi na ranar.

Direba ya karɓi 1,800 a kan kowane kwando, 108,000 ke nan. Lodi a gona da saukewa a kasuwa sun ci 18,000. Tikitin kasuwa da harajin hanya 12,000, abincina da kuɗin motar dawowa 10,000. Duk wannan ya hau kaina tun ba a buɗe kwando ko ɗaya ba.

Da aka sauke, kasuwa ta riga ta cika, domin motocin Kano da Zariya sun kwana a wurin. Farashi ya sauko 13,000, kuma kwando 42 ne kawai suka samu wannan kuɗin. Guda 12 sun farfashe daga ƙasa, masu markaɗe da masu sayar da abinci suka kwashe su a 6,000. Sauran 6 sun yi ruwa, ba wanda ya ko taya. Ciniki gaba ɗaya ya tashi 618,000. Dillali ya cire la'adarsa, 500 a kan kowane kwandon da ya sayar, wato 27,000. Bayan an cire duk ɗawainiyar, 443,000 na dawo da ita Jos. Idan aka raba ta gida 60, kowane kwando bai kai 7,400 ba.

Da a Farin Gada na sayar, motar gona da dako da la'ada ba za su wuce 1,000 a kwando ba, in riƙe 8,000, jimla 480,000. Na kwana a hanya, na sauka Hawan Kibo da fargaba, na bi Akwanga da Keffi, na dawo da abin da ya gaza na gida da 37,000.

Kuma ko wannan 443,000 ɗin ba riba ba ce, ciniki ne. Kwandon kansa saye na yi, kuma yana tafiya da tumatirin, ba ya dawowa. Shi da ladan masu tsinka sun kai 1,000 a kowane kwando. Iri da taki da feshi da man injin ban ruwa, da na raba su a kan duk kwandunan da gonar ta bayar a kakar, sun faɗa 4,500 a kowanne. Har da guda 6 ɗin da aka zubar, don su ma taki suka ci, ruwa suka sha. Abin da ya zama nawa na gaskiya 113,000 ne. Yaro ya ga dubu ɗari shida a hannun dillali sai ya fara taɓa kuɗin takin baɗi bai sani ba, kuma a nan uwar kuɗi take narkewa.

Kada ku ɗauka ina cewa Abuja ba ta biya. Da duka 60 ɗin sun isa lafiya, ko a 13,000 ɗin, da 602,000 zan riƙe, na fi Farin Gada nesa ba kusa ba. Ruɓewa ce ta cinye 159,000, ta fi kuɗin motar ma yawa. Ni kuwa na ɓata lokaci ina jayayya da direba a kan naira 200, ban duba abin da ake zubawa a kwando ba.

Asarar daga gona ta fara. Na bari tumatirin ya nuna ja wur a jikin itace, don ina ganin ja ne ke jan mai saye. Wanda ya nuna haka na kasuwar kusa ne, a sayar a ranar. Na tafiya ana tsinkarsa ne lokacin da ya fara ɗaukar launi yana da sauran tauri, ya ƙarasa nuna a hanya. Sannan an tsinka da rana tsaka aka bar kwandunan a fili har yamma, zafin gona ya shige su. A jira raɓa ta bushe da safe a tsinka, a kai inuwa nan take. Ban sa an tsince masu huji ba, waɗanda tsutsar nan da ta gama da gonaki a 2016 take ɓulawa. Irin wannan shi yake fara yin ruwa, ruwansa ya bi na kusa da shi.

Sai kuma cikawa. Babban kwando yana ɗaukar wajen kilo 50, mu kuma muna yi masa tozo don ya burge. Idan aka ɗora wani a kansa, nauyin ba a jikin kwando yake sauka ba, a kan tumatir ne, kuma kowane rami a hanya na ƙasa ne ke sha. Kiret na roba mai cin kilo 25 ya fi a nan, domin gefensa ne ke ɗaukar na sama, iska kuma tana shiga. Amma shi ma yana da nasa lissafin: kuɗin haya ko na saye, da kuɗin dawo da shi ba komai a ciki, kuma sai ka tabbata dillalinka yana da masu saye da kiret. Idan kwando za ku yi amfani da shi, ku tsaya da kanku a wurin lodi, a sa katako tsakanin hawa da hawa, kuma mota ta tashi da yamma ta isa kafin asuba.

Wajen saukewa, ƙasan kwando za ku duba, ba samansa ba. In gindinsa ya jiƙe, ko kuka ji tsami, ko ƙananan ƙudaje suna yawo a kai, ku ce wa dillali ya fara sayar da shi ko da an rage, domin zuwa azahar ba mai ɗauka.

Yanzu kafin in yanke inda zan kai kaya, ina cire 1,000 ko fiye daga farashin da aka faɗa mini a waya, saboda na jiya ne, musamman daga Janairu zuwa Maris da kaya ke yawa. Ina ɗauka cewa a kowane kwando goma, ɗaya zai zube, ɗaya kuma zai tafi a rabin kuɗi. Sai in cire mota da dako da haraji a kan duka goman, in cire la'ada, in raba abin da ya rage gida goma. Idan bai fi abin da zan riƙe a Farin Gada da aƙalla 1,500 a kwando ba, a Jos nake sayarwa.