Man kaɗanyar da na haɗa wa Gwaggo

Ban iya ɗinki ba, ban iya saƙa ba, lokacin da nake da shi kuma bai wuce yammacin Asabar ba. Shi ya sa da zan je gaida Gwaggo, wadda faso ke damun ta rani da damina, na ce man shafawa zan haɗa mata da hannuna.

Haɗin ba wuya. Man kaɗanya kofi uku, man zaitun kofi ɗaya. A sa man kaɗen a kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi ya narke a hankali, ba a kan wuta kai tsaye ba. A tace da kyalle mai tsabta, domin na kasuwa ba ya rasa ɗan datti. Idan ya huce a ɗiga turaren mai, ba na feshi ba. Kada ko ɗigon ruwa ya shiga, kwalbar ma ta bushe ƙayau, in ba haka ba fumfuna ce za ta biyo baya.

Bugawar ce ta ja mini. Na buga shi da maburgi har ya tashi fari tas, ya cika kwalba biyu, ina ta jin daɗi. Ashe rabin abin da nake gani iska ce. Man kaɗe zafin jikin mutum ma yana narkar da shi, balle bayan mota a watan Afrilu. Kafin mu isa ya narke, iskar ta fice, kowace kwalba ta koma rabi. Da ya kwana ya sake daskarewa a hankali, sai ya yi gudaji ƙanana. Gwaggo ta murza a bayan hannu ta ce, "'Yar nan, tsaki kika zuba a ciki?" Har yau in na tuna sai raina ya sosu, ga damtsen da na gajiyar a banza.

Gudajin nan ba lalacewa ba ce. Kitsen da ke cikin man ba lokaci ɗaya yake daskarewa ba, in sanyin ya zo a hankali sai mai taurin ya riga saura ya dunƙule. Maganinsa a sake narkar da shi gaba ɗaya, a sanyaya da sauri. Ƙanƙara muka saya a maƙwabta, na tsoma gindin kwanon a ciki ina juyawa har ya kama, ya fito sumul.

Yanzu bugawa sai da hunturu, ko in hannu da hannu zan miƙa a cikin gari. In akwai tafiya, zubawa kawai nake yi a kwalba mai faɗin baki, ya yi awa ɗaya a firji, in naɗe shi cikin zani, in riƙe a cinyata. Bayan mota kam, ko direba ya rantse ba zafi, ba na yarda.