Tagogina a gidansa, bashina a kan wani

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyom, kuma yawancin ayyukan da ke shigowa shagona a Kano ba daga masu gida suke zuwa ba, daga 'yan kwangila ne. Mai gida ya ba ɗan kwangila ginin gaba ɗaya, shi kuma ya yanko mini ɓangaren tagogi. Mutum uku ke nan, amma yarjejeniya biyu ce: ɗaya tsakanin mai gida da ɗan kwangila, ɗaya tsakanina da ɗan kwangila. Ni da mai gida gaisuwa ce kawai ta haɗa mu.

A ce aikin na naira miliyan 2 da dubu 400 ne. Ɗan kwangila ya ba ni miliyan 1 da dubu 400 kafin alƙalami, na sayo ƙarfe da gilashi, na haɗa, na kafa. Saura miliyan 1, sai wayarsa ta daina shiga. Mai gida kuwa ya tare da iyalinsa, yana buɗe tagogina safe da yamma. Zuciya za ta ce a kai shi ƙara, tunda shi ke cin moriyar aikin. Kotun da ke bin dokar da muka gada daga Ingila ba za ta duba wanda ya ci moriya ba, wanda ya ɗauki alkawari za ta nema. Mai gida bai yi ciniki da ni ba, bai ce zai biya ni ba, don haka wanda zan yi ƙara ɗan kwangila ne.

Abin da ya fi ba abokan sana'ata mamaki shi ne, ko da takardar da suka rubuta su biyu ta ce a cikin kuɗin ginin akwai miliyan 2 da dubu 400 na mai tagogi, har da sunana a ciki, hakan bai ba ni damar ƙara a kanta ba. Kotun Ƙolin Najeriya ta faɗi haka tun 1965 a shari'ar Ikpeazu da bankin African Continental: wanda ba ya cikin yarjejeniya ba zai tilasta a cika ta ba, ko don amfaninsa aka ƙulla ta. Ingila kanta ta sassauta wannan da wata doka a 1999, amma dokar tasu ba ta aiki a nan.

Wannan ƙa'idar tana kare ni ma. Idan damina ta zo taga ta yi yoyo, mai gida ɗan kwangilarsa zai kama, shi kuma ya juyo kaina. Sai dai in na yi sakaci gilashi ya faɗo ya yanke yaro. Wannan ƙarar ɓarna ce, ba ta buƙatar yarjejeniya, kuma kai tsaye za ta same ni.

Inda ake rikicewa shi ne gane ko mutumin da ke tsakiya ɗan kwangila ne ko wakili. Wani ƙanen mai gida ne ko mai kula da aiki da ake biya lada, ya zo ya ce Alhaji ne ya aiko shi a yi tagogi. In da gaske Alhaji ya ba shi wannan izinin, to cinikina da Alhaji ne. Shi ya sa kafin in yanka ƙarfe nake tambaya, “Malam, sunan wa zan rubuta a rasit, kuma wa zai cika mini?” In ya ce Alhaji, sai in nemi jin haka daga bakin Alhajin ko a saƙon waya. Shigowar kafin alƙalami daga asusun mai gida kaɗai ba hujja ba ce, don sau da yawa ɗan kwangila ne ya ce ya tura a cire daga kuɗinsa.

A babban aiki nakan nemi mu ukun mu sa hannu a takarda ɗaya, mai gida ya yarda zai ba ni cikon kai tsaye daga abin da ɗan kwangila ke binsa. Malaman fiƙihu sun san irin wannan tuntuni, ita ce hawala, mayar da bashi daga wuyan wani zuwa na wani. Wasu 'yan kwangila ba sa so, don mai gida zai ga ainihin farashina ya gane ribarsu.

In ba a yi takardar ba, akwai sauran hanya, sai dai doguwa ce. In yi ƙarar ɗan kwangila, in samu hukunci, sannan in roƙi kotu ta umarci mai gida ya biya ni daga ragowar kuɗin ɗan kwangilar da ke hannunsa. In kuwa ya riga ya sallame shi gaba ɗaya, babu abin da kotu za ta tare a wurinsa.