Laraba a Jidda: kaji sun narke, agogo ya ba da shaida

Da hantsi direban da ya je ɗauko wa wani mai gidan abinci kaji ya kira ni daga ma'ajiyar sanyi da muke ajiya a Khumra, kudancin Jidda. Ya ce, "Yaya, zo ka gani da idonka, katan ɗin nan ba lafiya."

Kwantenar kajin Brazil ce, wadda muka fitar daga tashar jirgin ruwa ranar Lahadi. Na tarar kwalayen da ke saman tari da na gefe sun lotsa, sun manne da juna. Na yage ɗaya. Cikin ledar akwai ƙanƙara mai ruwan hoda kwance a ƙasa, wato jini da ruwan naman ne suka tsiyaye sannan suka sake daskarewa. Na tsakiyar tari kuwa lafiya lau. Haka narkewa take yi, daga waje take farawa.

Manajan wurin ya kawo ma'auninsa ya soka tsakanin kwalaye, ya nuna min -18°C, yana murmushi. Na ce masa wannan sanyin yau ne, ni na Lahadi nake tambaya. Kazar da ta narke ta sake ƙanƙarewa ai -18 za ta nuna kamar wadda ba a taɓa ba.

Sai na ciro 'yar na'urar naɗar sanyi da masu kayan suka liƙa a jikin wani katan tun daga can, na soka ta a kwamfuta, ta fitar da PDF. Duk tsawon tafiyar teku layin da ke nuna sanyin yana kwance wajen -20, sai ƙananan haƙora nan da can. Waɗannan ba abin damuwa ba ne, injin kwantenar ne yake narkar da ƙanƙarar jikinsa lokaci-lokaci, cikin ɗan lokaci kuma ya koma. Amma ranar Lahadi da 10:40 layin ya miƙe sama har +6, ya yi kusan awa biyar bai dawo ƙasa da -12 ba.

Nan manaja ya samu abin kamawa. Takardar karɓar kaya ta nuna sun sa hannu da 13:15, saboda haka, in ji shi, da 10:40 kaya suna hanya, a je a tambayi mai tirela ko ya kashe janaretansa. Na nuna masa saman shafin inda aka rubuta UTC, wato agogon duniya. Saudiyya tana gaban wannan agogon da awa 3, ke nan 10:40 ɗin nan 13:40 ce a Jidda, minti 25 bayan sa hannunsu. Ya yi shiru. Zatona an sauke kayan ne aka bar su a bakin ƙofar lodi a zafin azahar, ana neman musu gurbi. Amma zato ba ya biyan kuɗi.

Kuma a yi adalci, na'urar iskar da ke kewaye da ita take aunawa, ba cikin naman ba. Awa biyar a iska mai ɗumi ba ta nufin duk kwantenar ta lalace. Shi ya sa ban tsaya musu ba, na zauna a ofishinsu na rubuta takardar sanarwa: lambar kwantena, ranar kawowa, sa'ar da zafin ya fara da wadda ya sauka da agogon Jidda, da hotunan kwalayen. Na nemi su ba mu awon da suka yi wa kayan lokacin karɓa, don idan sun rubuta -18 a nan, magana ta ƙare. Na nemi bayanan sanyin ɗakin daga Asabar zuwa yau, yadda na'urarsu ta fitar, ba hoton allon waya ba, tare da sa'ar da aka shigar da kayanmu da takardar da ke nuna an tantance ma'auninsu. Sai bidiyon kyamarar ƙofar lodi. Wannan na fi matsawa a kai, domin kyamarorin nan suna goge tsohon hoto su ɗora sabo, in an yi sanya sai a ce babu.

Na sa ya buga hatimi a kwafina da kwanan wata. Ya so ya ce gobe, na ce zan jira.

Da na kira Alhaji mai kajin bayan la'asar, tambayarsa ta farko ita ce ko za a iya sayar da na tsakiyar. Na ce, "Alhaji, a bari tukuna." An ware tarin gaba ɗaya an liƙa masa alamar kada a fitar, har sai mai duba na kamfanin inshora ya zo ya buɗe kwalaye daga sama, gefe da tsakiya. Mai gidan abincin kuma na ba shi haƙuri, na haɗa masa daga tsohon kaya. Na tura wa kamfanin jirgin saƙo su ma su ba mu bayanan injin kwantenar, don a ga sa'ar da aka cire mata wuta. Manaja ya ce bayanan ɗakin za su iso kafin azahar gobe.