Yadda na gina lissafin Poisson na fitar da farashin wasan ƙwallo

Abin da ya ja ni ga wannan aiki tambaya ce guda: daga ina lambobin nan suke fitowa, 2.40 a gaban wannan ƙungiya, 3.50 a gaban waccan? Ba na yin caca, kuma ba don ita na zauna ba. Amma farashin da kamfanonin caca ke sawa hasashe ne da aka rubuta da lamba, ni kuwa ina so in iya yin nawa hasashen in ajiye kusa da nasu in ga inda muka saɓa. Da Excel kawai na yi shi, da sakamakon wasannin Firimiyar Ingila na kakar 2018/19.

Tushen abin shi ne, ƙwallo a raga ba ta yawan faruwa, kuma tana iya zuwa a kowane minti. Irin wannan lamari akwai ƙa'idar da ke ƙididdige shi, mai ɗauke da sunan masanin lissafi ɗan Faransa Siméon Denis Poisson, wanda ya wallafa ta a 1837. Kana ba ta lamba ɗaya, wato matsakaicin ƙwallayen da ake sa ran ƙungiya za ta ci, ana rubuta shi da alamar λ, ita kuma ta faɗa maka yiwuwar a ci sifili, ko ɗaya, ko biyu, har sama. Ga ƙa'idar, inda k yake nufin adadin ƙwallayen da kake neman yiwuwarsu, ga kuma yadda ake buga ta a Excel:

```
P(k) = e^(-λ) × λ^k / k!
=POISSON.DIST(k, λ, FALSE)
```

Saboda haka kowane wasa lambobi biyu yake buƙata, λ na mai gida da λ na baƙo. A waccan kakar an buga wasa 380, an ci ƙwallo 1,072. In ka raba, kowace ƙungiya tana cin 1.41 a wasa. Masu gida sun fi ci, kusan 1.57, baƙi kuma kusan 1.25.

Wasan da na zaɓa na gwada shi ne Manchester City da Liverpool a Etihad, domin su ne suka yi tseren kofi a shekarar, City ta ƙare da maki 98, Liverpool 97. City ta ci ƙwallo 95 a wasa 38, wato 2.5 a kowane wasa. Na raba 2.5 da 1.41, ya ba ni 1.77, wannan shi ne ƙarfin gabanta: tana ci fiye da matsakaiciyar ƙungiya da kashi 77 cikin ɗari. An zura mata 23 kacal, sai lambar bayanta ta zama 0.43. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Liverpool ta ci 89, an zura mata 22, gabanta 1.66, bayanta 0.41. Daga nan sai ninkawa: matsakaicin masu gida, sau gaban mai gida, sau bayan baƙo. Haka ma na baƙo, a juye.

```
City:      1.57 × 1.77 × 0.41 = 1.14
Liverpool: 1.25 × 1.66 × 0.43 = 0.89
```

Da na sa 1.14 a ƙa'idar, sai ta ce yiwuwar City ta tashi ba ta ci ko ɗaya ba kashi 32.0 ne cikin ɗari, ɗaya 36.5, biyu 20.8, uku 7.9. Liverpool da 0.89 kuwa, sifili 41.1, ɗaya 36.5, biyu 16.3, uku 4.8. Sai na zana jadawali, ƙwallayen City daga sama zuwa ƙasa, na Liverpool daga hagu zuwa dama, kowane gida a ciki sakamako ne guda. Yiwuwar kowane gida ita ce ka ninka lambobin biyu. Ci 2-1, alal misali, 0.208 sau 0.365, ya ba da kashi 7.6. Ci 1-0 shi ya fi kowanne, kashi 15, sai 1-1 da 13.3, sai 0-0 da 13.1. Na kai jadawalin har ƙwallo goma kowane ɓangare, kuma na tara dukan gidajen a wuri ɗaya don in ga sun kai ɗari. Wanda ya tsaya a ƙwallo uku ko huɗu zai ga jimillar ta gaza, musamman a wasan da babbar ƙungiya ke karɓar ƙarama, kuma duk farashinsa zai karkace ba tare da ya sani ba.

Da zarar jadawalin ya tsaya, sauran duk tarawa ne. Gidajen da City ta fi ƙwallo sun haɗu sun ba da kashi 41.4, na kunnen doki 30.2, na nasarar Liverpool 28.4. Farashin gaskiya shi ne ka raba 1 da yiwuwar, don haka a kasuwar 1X2, wato nasarar mai gida ko kunnen doki ko nasarar baƙo, na samu 2.42 da 3.31 da 3.52. A kasuwar yawan ƙwallaye ma ba sai ka koma jadawali ba, domin in ka haɗa λ biyun, 2.03, jimillar ma Poisson take bi. Yiwuwar a ci biyu ko ƙasa da haka kashi 67 ne, wato Under 2.5 a kan 1.50, Over 2.5 kuma kashi 33 a kan 3.02. Kowa ya ci, abin da ake rubuta wa GG, ya fito kashi 40.

Kafin a kwatanta da na kasuwa, sai an cire ribar kamfani. A ce ka ga 2.00 da 3.50 da 3.80. In ka juya kowanne zuwa yiwuwa, 50.0 da 28.6 da 26.3, jimilla 104.9. Wannan rarar ta 4.9 ita ce rabon mai shago. Raba kowanne da 1.049, sai ka samu 47.7 da 27.2 da 25.1, waɗannan ne ainihin ra'ayin kasuwa da za ka auna da naka.

An buga wasan ranar 3 ga Janairu 2019, City ta ci 2-1, Agüero da Sané suka ci mata, Firmino ya ci wa Liverpool, kuma shi ne wasa ɗaya tilo da aka doke Liverpool a gasar a waccan kakar. Wannan sakamako bai gaskata lissafin ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Abu mai kashi 7.6 yana faruwa sau ɗaya cikin goma sha uku. A wasan ma John Stones ya kwashe ƙwallo daga bakin layi, saura milimita 11 ta gama shiga. Kuma misalin nan na koyo ne kawai, tunda ƙwallayen ƙarshen kaka na yi amfani da su wajen wasan Janairu. A gwaji na haƙiƙa, wasannin da aka riga aka buga kafin ranar kaɗai ake sawa, in ba haka ba lissafin ya leƙa amsa.

Inda na fi daɗewa shi ne wannan 2.03. Ƙungiyoyi biyu da suka ci ƙwallo 184 tsakaninsu, a ce wasansu zai ƙare da biyu kacal? Hankalina bai kwanta ba. Matsalar tana cikin 0.41 da 0.43. Ƙwallo 22 a wasa 38 ba ƙwarewa zalla ba ce, akwai ranakun da turke ya taimaka, akwai ranakun da ɗan wasan gaba ya ɓarar shi da gola. Duk ƙungiyar da lambarta ta yi nisa da matsakaici haka, mai yiwuwa ne sa'a ta ƙara mata a kan iyawarta, kuma ninkawa tana ɗaukar lambar tamkar gaskiya ce tsantsa.

Maganin da na yi mai sauƙi ne. Na ƙara wa kowace ƙungiya wasa goma na ƙirƙira, waɗanda a cikinsu ta ci 1.41 aka zura mata 1.41, wato ƙwallo 14.1 kowane ɓangare. Bayan Liverpool ya koma 36.1 a wasa 48, lambarsa ta tashi daga 0.41 zuwa 0.53. Na City ya zama 0.55, gabanta ya sauko 1.61, na Liverpool 1.52. Sabbin λ suka zama 1.34 da 1.05, jimilla 2.39, kuma Over 2.5 ya tashi daga kashi 33 zuwa 43. Farashi ya sauko daga 3.02 zuwa kusan 2.34. Ban taɓa ƙa'idar Poisson ba, ban taɓa jadawali ba, shawara ɗaya ce kan yadda zan yarda da alƙaluman baya ta motsa farashin haka. Shi ya sa in na ga tazarar kashi biyar tsakanina da kasuwa, ba na cewa na gano abin da suka rasa. Na fi zargin λ ɗina, domin su sun san wanda ya ji rauni da wanda koci zai hutar, jadawalina bai sani ba. Adadin goman ma ba doka ba ce, gwada shi ake yi a kan tsofaffin kakanni. A farkon kaka kuwa wannan gyara wajibi ne: ƙungiyar da ba a zura mata ba a wasa uku bayanta zai fito sifili, lissafin ya ce abokiyar karawarta ba za ta taɓa ci ba.

Matsakaicin gida da waje ma yana sauyawa. A kakar 2020/21, da aka buga yawancin wasanni babu 'yan kallo saboda korona, baƙi sun fi masu gida cin wasa a Firimiya. Wanda ya ɗauko 1.57 da 1.25 ya shiga da su waccan kakar, zai yi ta fifita masu gida a banza.

Akwai rauni ɗaya da yake cikin ƙa'idar kanta. Ninka yiwuwa biyu yana nufin ƙwallayen wannan ba su shafi na wancan ba, alhali duk mai kallo ya san in ana 1-1 saura minti goma, sau da yawa kowa yakan ja baya. Masana ƙididdiga Mark Dixon da Stuart Coles sun kawo gyara a 1997, a kan aikin da wani masani mai suna Maher ya yi a 1982. Gidaje huɗu kawai gyaran yake taɓawa, 0-0 da 1-1 da 1-0 da 0-1, da lamba guda mai alamar ρ. Da na gwada ρ a kan -0.1 a jadawalin farko, 0-0 ya hau zuwa 14.5, 1-1 zuwa 14.7, kunnen doki gaba ɗaya ya tashi daga 30.2 zuwa kusan 33, aka rage daga 1-0 da 0-1. Abin da ya burge ni shi ne Under 2.5 bai motsa ko kaɗan ba, saboda gidajen huɗun duk a ƙarƙashinsa suke, abin da aka ɗauke daga biyu aka zuba wa biyu. Ke nan in farashin yawan ƙwallayenka ya karkace, wannan gyaran ba zai cece ka ba, sai ka koma kan λ.

Hanyar da nake auna lissafin yanzu ita ce in bi kaka guda mako-mako, in fitar da hasashen kowane wasa da bayanan da suka gabace shi kaɗai, sannan in kasa su kashi-kashi. Duk wasannin da na ba mai gida tsakanin 40 da 50 cikin ɗari, in duba ko kusan 45 cikin ɗarinsu mai gida ya ci. Kunnen doki nakan ware masa nasa layi, in tara yiwuwarsa a dukan wasannin in kwatanta da adadin da aka yi da gaske. In jimillar ta gaza, ρ nake gyarawa. In kuwa manyan ƙungiyoyi ne lissafin ke ba kashi 80 suna cin 70, to wasannin ƙirƙirar nan ne suka yi kaɗan, sai in ƙara su in sake bin kakar daga farko.