Yadda na mayar da babi mai shafi talatin zuwa shafi ɗaya

A lokacin da nake karatun share fagen koyarwa, malaminmu na tarihi ya ba mu babi mai shafi talatin a kan bunƙasar cinikin gyaɗa a ƙasar Kano, ya ce kowa ya taƙaita shi a shafi ɗaya. Na tafi da aikin ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, na yi dare biyu a zaure da fitila mai caji ina rage kowane sakin layi zuwa jimla guda. Da na miƙa, sai malam ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "sannan" har wuri tara, ya ce: "Ka ba ni labari, amma me marubucin yake son mu yarda da shi?"

Daga nan na gane cewa jigon babi magana ce da wani zai iya musantawa. "Babin yana magana a kan gyaɗa" take ne kawai, babu mai jayayya da shi. Sai da na sake karanta gabatarwa da kammalawa kafin tsakiya, na samo jigon: Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai jirgin ƙasa zai kwaso, amma manoma da fatake suka zaɓi gyaɗa domin ita ta fi biyan buƙatarsu.

Wannan jimlar ce ta zama ma'aunin sauran abin da ke babin. Kowane bayani na tambayi kaina: idan na cire shi, jigon zai raunana? Isowar layin dogo Kano a 1911 da buɗe shi a 1912 ya tsaya a cikin taƙaitawar, domin ba don shi ba da kayan ba su kai bakin teku da araha ba. Haka ma bayanin cewa masaƙan gida sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da daraja, da cewa gyaɗa abinci ce da manomi zai ci idan kasuwa ta faɗi. Shafuka huɗu kuwa a kan dalar gyaɗa, duk da su na fi jin daɗin karantawa, na cire su, saboda sakamako suke nunawa, ba dalili ba. Layi uku na ba jigo, kusan goma sha bakwai ga hujjoji tare da lambar shafin kowacce, biyar ga kammalawa.

A kammalawar ma na yi tuntuɓe. Marubucin ya ce mai yiwuwa biyan haraji da kuɗi ya ƙara tura manoma ga gyaɗa, ni kuma don tsimin wuri na yar da "mai yiwuwa", na mayar da hasashensa tabbas. Malam ya mayar da kalmomin biyu da jan biro, kuma don su samu gurbi dole na yanke rabin wata jimla a kan fatake.