Rahoton da ya sa aka dakatar da direba

A makon da nake tattara takarduna domin barin sashen binciken kuɗi, na ci karo da rahoton da har yau nake jin nauyinsa. Kaya ne suka ɓata a sito, aka ce in rubuta yadda nake ganin abin ya faru, in kuma kimanta kowane zato. Na rubuta cewa yiwuwar a ce mai kula da sito yana da hannu kashi 50 ce cikin 100. Bayan shafi biyu kuma, da na tsara cewa bashi ya yi masa katutu, ya haɗa baki da direba, suka kwashe kayan da dare, sai na ba wannan labarin kashi 70. Shugabana ya ja layi da jan biro a ƙarƙashinsa, kuma washegari aka dakatar da direban.

Wannan lissafi ba zai taɓa yiwuwa ba, domin labarin na biyu yana cikin na farko ne: duk inda suka haɗa baki, to mai kula da sito yana da hannu, amma yana iya aikatawa shi kaɗai. Da na ninka, da na gani. In hannunsa kashi 50 ne, haɗin baki da direba bayan haka kashi 40, fitar dare bayan waɗannan biyun kashi 50, abin da ya rage kashi 10 ne kacal, tun ba a zo kan bashin ba. Kowane ƙarin da na yi ya sa labarin ya ƙara kama hankali, alhali yana rage yiwuwarsa.

Daga baya na karanta binciken da Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa a 1983. Sun siffanta wata mace, Linda, mai shekara 31, wadda ta karanta falsafa kuma ta damu da adalci, sai kusan kashi 85 na waɗanda aka tambaya suka ce zamanta ma'aikaciyar banki mai fafutukar haƙƙin mata ya fi yiwuwa a kan zamanta ma'aikaciyar banki kawai. Waɗanda aka tambaya sun auna yadda labarin ya dace da siffarta, kamar yadda na auna yadda nawa ya dace da ɓarawon da nake hasashe.

Ba kowane ƙarin bayani ne ke rage yiwuwa ba. Sa hannun jabu da aka gani a takarda hujja ce, tana ƙarfafa zato. Bashin da na ƙaddara ba tare da na ga ko rasit ɗaya ba kuwa sabon iƙirari ne mai neman tasa hujjar. Tun daga lokacin nakan tambayi kaina: cikin ɓata irin wannan guda 100, nawa ne za su cika dukkan sharuɗɗan?

Na kuma koyi ajiye kwafin duk rahoton da na miƙa. An wanke direban bayan wata uku, kuma a taron da aka yi, shugaban da ya ja layin ya ce kuskuren nawa ne ni kaɗai.